Babi na 6: Me Ya Sa Sabon Falo Yake Amsa Magana?

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha ya san wannan lokacin. Dillali ya buɗe ƙofa, ka sa ƙafa cikin falo, tayil yana ƙyalli tun daga bakin ƙofa har ƙurya, bango ya sha fenti, silin fari tas. Ka yi sallama, sai ka ji sallamar taka ta cika ɗakin ta ƙi tafiya. Dillali zai ce maka, "Ai don babu kaya ne, Alhaji, da an shigo da kaya shi ke nan." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Akwai gidajen da aka shigo da kaya aka shekara, falon bai daina amo ba. Tambayar ita ce, wane irin kaya, nawa, kuma a ina za a ajiye shi?

Na fara ɗaukar wannan tambaya da muhimmanci ne lokacin da ƙanena ya tare a wani gida a Narayi. Kujerunsa suna wurin kafinta, don haka kujerun roba huɗu da talabijin kaɗai ke cikin falon. Mahaifinmu, wanda ya haura shekara 70 kuma jinsa ya fara raguwa, ya zo ganin gida. Muka zauna muna hira, yana ta karkato da kai yana tattare goshi. Can sai ya ce, "Ku fa ina jin muryarku, amma ba na jin maganarku." Muka ɗauko kujerun muka koma tsakar gida, hira ta ci gaba lafiya lau. Kunnen da ya kasa ji a falo shi ne ya ji a waje.

Abin da ke faruwa da sauti a ɗaki

Sauti yana tafiya a cikin iska da gudun kimanin mita 340 a sakan ɗaya. Idan ya daki abu mai tauri da santsi, sai ya dawo, kamar yadda ƙwallo ke dawowa idan yaro ya buga ta a jikin katanga. Amsa-kuwwar da muka sani, wadda za ka yi kira ka ji kalmarka ta dawo maka daban, tana bukatar nisa, aƙalla kamar mita 17 tsakaninka da abin da zai maido ta. Falo bai kai haka ba. Abin da ke faruwa a falo shi ne sautin ya daki bango ya koma silin, ya sauko kan tayil, ya faɗa wani bangon, fiye da sau 100 a sakan guda. Kunne ba ya iya rarrabe waɗannan dawowar, sai ya ji su a dunƙule kamar wata jela da ke bin kowace kalma. Wannan jelar ita ce amon ɗaki.

A kowane karo da abu, sauti yana rasa wani kaso na ƙarfinsa. Tayil mai ƙyalli yana shan kamar kashi 1 cikin 100 ne kawai, ya maido sauran. Bangon siminti da aka yi wa filasta da fenti yana shan kamar kashi 2. To ka ga sautin da ke rasa kashi 1 ko 2 a kowane karo zai daɗe yana yawo kafin ya mutu.

Ga inda abin ya shafi Baba. Mai magana yana furta gaɓa huɗu zuwa biyar a sakan ɗaya. Idan jelar kowace gaɓa tana kai sakan 2 ko 3, gaɓa goma ko fiye suna hawa kan juna. Wasula su ne masu ƙarfi a magana, su ne kuma ke daɗewa suna yawo a ɗaki. Baƙaƙe kuwa gajeru ne marasa ƙarfi, sai jelar wasalin baya ta binne su. Alhali a Hausa baƙi ɗaya ne ya raba kaya da ƙaya, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Matashi mai lafiyayyen kunne yana cike giɓin da hankalinsa ba tare da ya sani ba, sai dai ya ji ya gaji bayan doguwar hira. Tsoho, da yaron da ke koyon magana, da wanda ke sauraron ka ta waya a lasifika, su ne suke shan wahalar. Ɗaga murya ba ya magani, domin idan ka ƙara murya, ka ƙara jelar tare da ita.

Ɗakin kakanninmu bai san wannan matsala ba. Bangon ƙasa ba shi da santsin filasta, ƙasan daɓe ne an shimfiɗa masa tabarma, ga gado da katifa da tulin zannuwa, ɗakin kuma bai da girma. Mun sauya zuwa tayil saboda dalilai masu kyau: yana da sanyi lokacin bazara, yana da sauƙin gogewa idan ƙurar hunturu ta sauka, ba ya riƙe danshin damina. Ba na ba kowa shawarar ya fasa tayil ɗinsa. Abin da ya kamata shi ne a maido wa ɗakin abin da zai sha sauti.

Malamin da ya yi ta dakon matasai

Wanda ya fara auna wannan al'amari shi ne Wallace Sabine, wani matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka ba shi aikin gyara zauren lacca na gidan tarihin Fogg, inda kalma ɗaya take ringa yawo fiye da sakan 5, ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Ba shi da na'ura irin ta yau. Abin da yake da shi bututun busa ne mai fitar da sauti iri ɗaya, da agogo, da kunnensa. Da dare, idan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan kujeru daga zauren Sanders da ke kusa, su jera su a zauren Fogg, ya busa sauti ya tsayar, ya ƙirga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin kunne ya daina jin sa. Su ƙara matasai, ya sake aunawa. Kafin gari ya waye su mayar da su.

Daga wannan dako ne ya fitar da lissafin da masu gini ke aiki da shi har yau:

```
T = 0.16 × V ÷ A
```

T shi ne tsawon jelar sauti da sakan. V shi ne girman cikin ɗakin, wato tsawo sau faɗi sau tsayi da mita. A kuma jimlar abin da ke shan sauti ne a ɗakin. Sabine ya kwatanta shi da buɗaɗɗiyar taga, domin sautin da ya fita ta taga ba ya dawowa. Taga mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, a buɗe, ita ce ma'auni ɗaya. Bari mu kira ta taga guda. Kowane abu a ɗaki ana iya tambayar sa: kai taga nawa ne? Wannan ne ma ya sa amon falo ke raguwa idan an buɗe tagogi da ƙofa, ya kuma dawo a watan Disamba da Janairu, lokacin da kowa ya kulle ko'ina saboda sanyi da ƙura.

Falon Narayi a kan takarda

Mun auna falon ƙanena da tef: mita 5 tsawo, mita 4 faɗi, mita 3 tsayi. Girmansa 60 ke nan. Alƙaluman da ke biye kimantawa ce irin ta masu gini, a daidai muryar ɗan Adam, amma sun isa su nuna hanya.

Ƙasan tayil gaba ɗaya, duk faɗinsa na murabba'in mita 20, bai kai ko rubu'in taga guda ba. Bangaye huɗu sun ba da kamar taga ɗaya, silin ya ba da ɗaya, gilasan tagogi da ƙofa suka ba da rabi da ɗoriya. A dunƙule, taga 3. Idan ka ninka 60 da 0.16 za ka sami 9.6, ka raba da 3, amsa ta haura sakan 3 kaɗan. Falon da ake jin daɗin hira a cikinsa yana bukatar kamar rabin sakan ne, ko ya ɗara kaɗan. Don a kai can, ana bukatar taga 16 zuwa 19. Muna da 3. Wannan giɓin shi ne dalilin da ya sa ɗan ƙaramin kafet na gaban teburi da filo biyu ba sa canza komai. Aikin na yawa ne.

Abu na farko da ƙanena ya yi niyyar saye shi ne siririn kafet, mita 3 da mita 4. Irin wannan idan an shimfiɗa shi kai tsaye a kan tayil yana shan kamar kashi 15 cikin 100 na sautin murya, wato bai cika taga 2 ba. Jela ta sauko daga sakan 3 zuwa sakan 2. An samu sauƙi, ƙarar takalmi da jan kujera sun ragu, amma magana tana nan a cakuɗe. Da muka sa shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashinsa, irin soson nan da masu kafet ke sayarwa, sai kafet ɗin nan dai ya koma shan kusan rabin sautin da ya sauka a kansa, taga 6. Jimla ta zama 9, jela ta koma sakan ɗaya da ɗan abu. Kuɗin shimfiɗar ƙasan bai kai na kafet ɗin ba, amma ita ta yi mafi yawan aikin. Wanda bai samu soso ba, tsohon bargo mai kauri zai taimaka.

Sai labule. Tagogi biyu ne, kuma matar ƙanena ta riga ta yi tunanin yadi mara nauyi daidai girman taga. Na ce mata, "Amarya, ki ƙara yadi, ki ƙara nauyi." Muka sa telan labule ya ɗinka kowanne ya rufe mita 2 a faɗi da mita 2 da rabi a tsayi, tun daga kusa da silin har ƙasa, da yadi mai nauyi wanda faɗinsa ya ninka faɗin wurin sau biyu don ya yi tattara sosai. Labulaye biyun nan sun ba da kamar taga 5. Jimla 14, jela ta faɗo ƙasa da sakan ɗaya, kusan 0.7.

Kujerun kafinta su ne na ƙarshe, kuma Allah ya sa ba a riga an lulluɓe su ba. Da farko leda mai sheƙi aka zaɓa, mai kama da fata, saboda sauƙin gogewa. Muka sauya zuwa yadi. Saitin mai zaman mutum bakwai da matasansa ya ƙara kamar taga 3 da rabi, lissafi ya tsaya a kan rabin sakan da ɗan ɗoriya. Kowane mutum da ya zauna da babbar riga ko mayafi shi ma yana ƙara kusan rabin taga, shi ya sa ranar suna ba ka jin amon da kake ji ranar da kake kai kaɗai.

Ka lura da yadda ribar take raguwa. Taga 6 na farko sun zaftare sakan 2 cur. Kujeru, duk da tsadarsu, ɗan abu kaɗan suka rage. Mai ƙaramin ƙarfi kada ya jira sai ya haɗa komai, abin da ya fara shigarwa shi ne zai fi ji a kunnensa.

Ba kowane abu mai laushi ke shan sauti ba

A nan ne aka fi asarar kuɗi. Yadi ko soso yana shan sauti ne saboda iskar da ke ɗauke da sautin tana kutsawa cikin ƙananan ƙofofinsa, tana gogar zare, ƙarfinta yana ƙarewa a ciki. Don haka dole iska ta iya shiga, kuma dole ta sha wahala kafin ta fita. Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi a gaban mai shago: kara yadin a bakinka ka hura. Idan iska ta wuce fit kamar babu komai, yadin ya yi siranta. Idan ta ƙi wucewa sam, kamar ledar ɗaki ko ledar kujera ko labule mai roba a bayansa, sauti zai dawo daga jikinsa. Wanda kake nema shi ne wanda iska ke wucewa amma sai ka ɗan yi ƙoƙari.

Abu na biyu shi ne kauri, ko tazara daga bango. A jikin bango daf, iska kusan ba ta motsi, don haka siririn yadi da aka manna a bango ba ya samun abin da zai kama. Motsin iskar ya fi ƙarfi a ɗan nesa da bango, kuma gwargwadon kaurin murya, gwargwadon nisan. Shi ya sa ake so sandar labule ta fito daga bango da kamar santimita 10 zuwa 15. Labulen da aka rataya haka yana kama muryar namiji fiye da wanda ya lafe a jikin gilashi, ko da yadinsu ɗaya.

Mutanen kudancin garin Kaduna ba baƙin yadi ba ne. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo bayanta, har unguwannin Kakuri da Makera suka cika da ma'aikatan masaƙa. Yawancinsu sun rufe yanzu, amma har gobe za ka samu dattawan da da sun murza yadi tsakanin yatsu biyu za su gaya maka nauyinsa. Atamfa ita kaɗai a jikin bango ba ta shan wani sautin kirki. Amma da yake iska tana ratsa ta, babu abin da ya kai ta kyau wajen lulluɓe abu mai kauri. Ka sa kafinta ya haɗa maka firam na katako, santimita 60 da 120, zurfinsa santimita 5 zuwa 10. A cika shi da audugar katifa ko tsohon bargo da aka ninninka, kada a danne shi ya yi tauri, sannan a ja atamfa a kai a buga ta baya. Ka sami abin ado da ke shan mafi yawan sautin muryar da ta same shi. Barguna na gwanjo ba sa wahalar samu, ko a Kasuwar Monday ta Kakuri ko ka tsallaka gada zuwa Kasuwar Barci.

Kiret ɗin ƙwai kuwa, wanda ake mannawa a bangon wasu ɗakunan ɗaukar sauti da wuraren ibada, a bar shi. Siffarsa ce kawai ta yi kama da soson da ake gani a hotuna. Kwali ne siriri, abin da yake sha kaɗan ne, ga tara kyankyasai, ga kama wuta.

Ƙarar da ta rage bayan an gama

Mun ɗauka aiki ya kammala, sai na tsaya a tsakiyar falon na tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Doguwar jelar ta tafi, amma wata 'yar ƙara ta biyo bayan tafin, siririya mai karkarwa, kamar an ja tsinke a kan haƙoran mataji. Lissafin Sabine bai hango wannan ba, domin ya ɗauka cewa kayan shan sautin suna warwatse ko'ina a ɗakin.

Ɗaki yana da fuska shida, biyu-biyu suna kallon juna: ƙasa da silin, gabas da yamma, kudu da arewa. Kafet ya kashe kai-komon da ke tsakanin ƙasa da silin. Labulaye suna gefe ɗaya, sun kashe na biyu. Amma bangon talabijin da wanda ke kallon sa duk a tsirara suke daga saman kujera zuwa silin, daidai inda bakin mutum da kunnensa suke. Sauti yana ta zirga-zirga tsakaninsu, bai taɓa kafet ba, bai taɓa labule ba. Maganin ba shi da tsada: a kowane bango biyu masu kallon juna, a rufe ɗaya. Muka rataya firam biyu irin waɗanda na kwatanta a bangon bayan doguwar kujera, a daidai kan mai zaune. A gefen talabijin aka ajiye kantar littattafai mara gilashi, littattafan ba a jere su kai ɗaya ba, wani ya fito wani ya shige, don su tarwatsa abin da ya same su. Na sake tafawa, ƙarar ta ɗauke.

Da zan sake wannan aiki, da gwaji zan fara kafin a kashe ko naira ɗaya, kamar yadda Sabine ya yi da matasan aro. A fito da katifa daga ɗakin kwana a jingine ta a bango, a shimfiɗa barguna a ƙasa, a rataya dardumai a igiya. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙurya yana karanta jarida da muryarsa ta yau da kullum, wani ya zauna a ɗaya ƙuryar ya rufe ido. A matsar da katifar daga wannan bango zuwa wancan. Cikin rabin awa za ka san bangon da ya fi bukatar sutura. Ga ɗan haya da mai gida ya hana shi huda bango, wannan gwajin zai nuna masa inda zai jingine firam ko ya tsayar da kanta.

Ƙura, danshi da wuta

Kayan da ke shan sauti suna shan ƙura ma. A Kaduna wannan ba ƙaramin abu ba ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Shi ya sa na fi son kafet na tsakiya da za a iya naɗewa a fitar a kakkaɓe, a kan wanda aka manne shi bango zuwa bango. Idan akwai mai asma a gidan, a rage na ƙasa a ƙara na bango da labulen da ake iya cirewa a wanke. Lissafin bai damu da inda tagoginsa suka fito ba, muddin sun cika kuma sun rarrabu.

Da damina, musamman a Agusta da Satumba, a riƙa ɗaga kafet ana duba soson ƙasa. Idan ka ji warin danshi ko ka ga baƙin ɗigo-ɗigo, a fitar da shi rana. Gidajen da ke kwari kusa da kogi, inda ruwa kan shigo, firam na bango ya fi musu kafet. Soso da auduga kuma abincin wuta ne, hayaƙin soso yana kisa. Kada a rataya firam a kan soket, kada labule ya sauka kan waya mai zafi, kaskon turaren wuta kuma a ajiye shi a kan tayil, nesa da bakin kafet da gindin labule.

Da Baba ya dawo bayan wata biyu, a falon muka yi hira tun daga la'asar har aka kira magariba, bai nemi a maimaita masa magana ba sai sau ɗaya ko biyu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareta, ƙararsa ta shigo falon kamar babu labule ko ɗaya. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, wannan fa?" Labule da kafet suna kashe sautin da ke yawo a cikin ɗaki ne, ba sa tare wanda ke shigowa daga waje. Shi wannan yana bi ne ta ƙarƙashin ƙofa, da gefen taga, da saman silin, kuma abin da ke tare shi nauyi ne da toshe kafa. A babi na gaba za mu bi waɗannan kafofin ɗaya bayan ɗaya, mu fara da tazarar nan ta yatsa biyu da ke ƙarƙashin ƙofar falo.